Hirar sama-sama tana gajiyar da ni, gaisuwa kawai ta isa?

Tambaya: Salam. Ni dai matsalata ita ce irin hirar nan ta tsaye da ake yi a wurin aiki, ya gajiya, ya zafi, ka ga wasan jiya, a yi ta jan magana alhali babu abin da ake cewa. Minti biyar in na yi sai in ji kamar na ɗauki kaya. Ba wai na tsani mutane ba ne, in na zauna da aminina muna iya awa uku muna magana ban gaji ba. Yanzu har an fara cewa ina da girman kai. Wani abu ne ke damuna? Kuma in na gaisa kawai na wuce, na yi laifi?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Babu abin da ke damunka daga abin da ka faɗa, kuma gajiyar nan ta gaske ce, ba raki ba ne. Ni aikina ba mutane shawara kan halayya da damuwa, kuma irin wannan ƙorafin ina jin sa fiye da yadda kake zato, sau da yawa ma daga bakin mutanen da in ka gan su a waje za ka rantse su ne sarakan surutu.

Bari in fara da abin da ƙwaƙwalwarka ke yi a cikin minti biyar ɗin nan, don a nan amsar take. A 2009 Tanya Stivers da abokan aikinta sun auna hirar mutane a harsuna 10 na sassan duniya daban-daban, suna duba tsawon shirun da ke tsakanin ƙarshen tambaya da farkon amsa. Abin da suka samu a tsakaice shi ne kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan guda. Masu Japananci sun fi kowa sauri, kusan babu tazara ma, masu harshen Denmark kuma su ne suka fi jinkiri, amma su ɗin ma ba su kai rabin sakan cikakke ba. To ga inda abin yake, masu binciken harshe sun daɗe da gano cewa kafin mutum ya zaɓo kalma ɗaya tak a kansa ya furta ta yana buƙatar fiye da rabin sakan, balle jimla guda. Lissafin bai fita ba ke nan sai dai in tun mutum yana cikin maganarsa kai ka riga ka fara haɗa amsarka, kana sauraro, kana hasashen inda zai dire, kana shirya naka, duk a lokaci guda. In ka yi jinkiri kaɗan kuma shirun ya fara ba da wata ma'ana, mutum ya fara tunanin ko ba ka yarda da shi ba ne ko ranka a ɓace yake. Kowa yana wannan aikin, har masu son hirar.

Za ka ce ai da amininka ma haka ne, me ya sa can ba ka gajiya? Saboda can maganar tana da abin da ke jan ta. In kuna tattauna matsalar da ta dame ku, jimla ta gaba tana fitowa ne daga ta baya, ba sai ka nemo ta ba, kuma in ka yi shiru na sakan goma kana tunani ba zai ɗauka da wata manufa ba. A hirar tsaye kuwa kowane zance yana mutuwa bayan jimla biyu. An ce yau akwai zafi, ka ce wallahi kuwa, shi ke nan ya ƙare, sai a sake lalubo wani, kuma dole wanda za a lalubo ya zama mara nauyi, bai shiga sirrin kowa ba, bai taɓo abin da zai jawo gardama ba. Wato kana tace magana cikin gaggawa kana kuma ƙirƙiro sabuwa kowane rabin minti. Mota ma tafiya da tsayawa a cunkoso ta fi shan mai a kan doguwar hanya miƙaƙƙiya, duk da ba ta je ko'ina ba.

Sai kuma fuska. Labarin zuciya a tambayi fuska, mutane sun san haka, shi ya sa wanda hirar ba ta dame shi ba yake tilasta wa fuskarsa ta nuna ta dame shi, ya yi yaƙe, ya gyaɗa kai, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Arlie Hochschild ta yi rubutu a kan wannan a 1983 bayan ta yi nazarin ma'aikatan cikin jirgin sama waɗanda murmushi yake cikin aikinsu, ta nuna cewa nuna abin da ba ka ji a ranka aiki ne mai zaman kansa, kuma binciken da ya biyo baya ya yi ta samun cewa masu yin wannan na saman fuska kullum sun fi saurin ƙosawa da aiki. Kai kana yin ƙaramin irinsa ne, sau goma ko ashirin a rana.

Amma a ganina abin da ya fi cin ƙarfin irinku shi ne rashin sanin ƙarshe. Mitin yana da lokacin tashi, kiran waya yana da dalili, da an gama dalilin an ajiye. Hirar tsaye ba ta da ko ɗaya, kuma wanda ya fara yunƙurin tafiya shi ne kamar ya ce na gaji da kai. To sai kowa ya tsaya yana jiran ɗan'uwansa. Adam Mastroianni da abokansa sun gwada wannan, sakamakon ya fito a 2021, sun haɗa baƙin juna biyu-biyu suka ce su yi hira iya son ransu har zuwa minti 45, bayan an tashi aka tambayi kowa shi kaɗai yaushe ya so a ce an tsaya. Kashi 2 cikin ɗari ne kacal na hirarrakin suka ƙare a lokacin da duka biyun suke so. Wasu sun so a tsaya tun tuni, wasu kuma sun so a ci gaba, kuma kusan kowa ya kasa cankar abin da abokin hirarsa ke so. Ni wannan binciken dariya yake ba ni duk lokacin da na tuna shi, don yana nufin wani lokaci mutum biyu suna tsaye a bakin ƙofa, kowanne yana ta kawaici yana ganin yana yi wa ɗayan alfarma, alhali su biyun duk tafiya suke son yi.

Maganar cewa akwai masu halin shiru da masu halin shiga jama'a gaskiya ce, Carl Jung ya yi bayaninta tun 1921, amma ana zuzuta ta fiye da kima a kwanakin nan kamar mutane gida biyu ne kawai, alhali yawancinmu a tsakiya muke. Wani ƙaramin bincike da Sointu Leikas da Ville-Juhani Ilmarinen suka yi a Finland ya nuna cewa cuɗanya da surutu suna ɗaga wa mutum rai a lokacin da yake yi, amma bayan kamar awa uku gajiya tana biyo baya, kuma wannan ya shafi masu shirun da masu surutun duka. Batirin kowa yana sauka, na wani dai ya fi na wani saurin sauka.

Yanzu ɓangare na biyu, ko gaisuwa ta isa. Sai mu tambayi me hirar sama-sama take yi tun asali. Wanda ya ce maka yau akwai zafi ai ya san kai ma a cikin zafin kake, ba labari yake ba ka ba. Bronislaw Malinowski, wanda ya zauna da mutanen tsibiran Trobriand, ya rubuta a 1923 cewa akwai nau'in maganar da ba don isar da bayani ake yin ta ba, ana yi ne don a ƙulla zumunci, musayar kalmomin ita kanta ce manufar. Saƙon da ke ƙarƙashinta gajere ne: na gan ka, na san da kai, babu komai tsakaninmu. In ka lura wannan saƙon ya gama isa tun a sakan goman farko. Sauran minti huɗu da wani abu maimaici ne, mai daɗi ga mai son sa, amma maimaici.

Akwai gwajin da ya nuna ƙanƙantar abin da ake buƙata. A jami'ar Purdue ta Amurka, Eric Wesselmann da abokansa sun sa wata ta riƙa wuce mutane a hanya, wasu ta haɗa ido da su, wasu ta haɗa ido ta yi murmushi, wasu kuma ta kalli wajen da suke kamar iska take kallo. Nan take wani ya tare su ya tambaye su yadda suke ji. Waɗanda aka kalla kamar babu su sun fi jin an ware su daga mutane, kuma fa wannan baƙuwa ce da ba su taɓa gani ba, ko kalma ɗaya ba ta furta ba. A Turkiyya kuma Gul Gunaydin da tawagarta sun samu cewa fasinjojin da suka yi wa direba godiya ko fatan alheri da sakin fuska sun sauka da farin ciki fiye da waɗanda ba su yi ba. To in kallo kawai yana wannan aikin, gaisuwa cikakkiya ta wuce haka.

Kalmar da nake so ka riƙe ita ce cikakkiya, don a nan mutane irinka suke faɗawa rami. Bari in ba ka labarin wani da na yi aiki da shi, ba zan faɗi komai da zai sa a gane shi ba. Daga ƙofar shiga zuwa teburinsa yana wuce mutum kamar goma sha biyu kowace safiya. Da farko yana tsayawa da duk wanda ya tsayar da shi, mun lissafa tare, mutum huɗu ko biyar a rana, minti huɗu-huɗu, kusan minti ashirin ke nan kafin ya zauna, kuma ya zauna ɗin a gajiye. Sai ya samo wa kansa dabara, ya fara kara waya a kunne yana amsa kiran da babu shi, wata rana ya toshe kunne, wata rana ya zagaya ta ƙofar baya. Wata biyu da fara haka sunansa ya zama mai shan ƙamshi, kuma abin haushin shi ne hirar ba ta ragu ba, ƙaruwa ta yi, don duk ranar da aka kama shi sai an fara da kwana biyu ka ɓuya, lafiya kuwa, ko mun yi laifi ne, ga shi yanzu sai ya yi bayani ya ba da haƙuri. Ya guje wa minti huɗu ya faɗa minti goma. Ƙari a kan haka tun daga gida yake fara tunanin wa zai haɗu da shi, gajiyar ta koma farawa kafin ya iso.

Abin da muka canza kaɗan ne. Na farko shi zai fara gaisuwar, ba zai jira a tare shi ba, don wanda ya buɗe magana shi ke da sauƙin rufe ta. Zai ɗago kai tun yana taku biyar kafin ya iso, ya haɗa ido, ya kira sunan mutum, Malam wane barka da asuba, an tashi lafiya. Zai rage sauri sosai har ya ji amsar ya ce madalla, amma ƙafarsa ba za ta tsaya cak ba kuma kafaɗarsa tana fuskantar inda za shi. Wannan na ƙafa ya fi komai aiki wallahi, mutane suna karanta jiki kafin su ji baki, da zarar ka tsaya ka juyo da ƙirjinka gaba ɗaya ka ce ina da lokaci ke nan, ko ba ka furta ba. Sannan zai rufe da abin da ba ya neman amsa, a yi aiki lafiya, ko sai mun haɗu anjima. Gaisuwa ɗaya sakan goma, mutum goma sha biyu minti biyu. Kuma kowa ya samu, har mai gadi da mai shara, ba huɗun da suka fi iya tare hanya kaɗai ba.

In wani ya ja zancen duk da haka fa? Mun shirya wannan ma. Zai ba shi zagaye biyu, ya amsa da gaske, sai ya kawo rufewa mai haɗe da dalili na gaskiya, bari in je in kama aikin nan kafin a neme ni, mu ƙarasa anjima. Masu nazarin hira, Emanuel Schegloff da Harvey Sacks, sun nuna tun 1973 cewa mutane ba sa yanke hira kwatsam, sai sun fara aika 'yan kalmomin share fage, irin su to shi ke nan, to madalla, don ɗayan ya samu damar faɗin abin da ya rage masa ko ya yarda a tashi. Wanda hira ke gajiyarwa yakan tsallake wannan matakin, ya yi ta haƙuri har ya ƙosa sannan ya fizge kansa ya tafi, shi ne ake ganin kamar wulaƙanci. To shi ke nan ɗin nan, ka faɗe shi da wuri tun kana da sauran fara'a.

Abu na ƙarshe da muka ƙara, sau ɗaya ko biyu a mako zai zaɓi mutum ɗaya ya tambaye shi abu takamaimai da ya tuna, ya jikin yaron da ka ce ba shi da lafiya, ko ya jarrabawar ta kasance, kuma wannan karon zai tsaya da ƙafarsa ya ji amsar. Irin wannan ba ta gajiyar da shi don akwai abin da ake cewa, kuma ɗaya irinta ta fi hirar zafin rana ashirin zama a ran mutum. Bayan kamar mako shida ya dawo yana dariya, wai wata a ofis ɗin ta ce masa ashe kana da kirki. Bai ƙara yawan magana ba, ragewa ma ya yi.

Inda gajeriyar gaisuwa take lalacewa kuma ka san shi. In ka yi ta idonka yana kan waya, ba ta ƙirgu ba. In ka ce ya gida kuma ka riga ka wuce kafin a amsa, wannan ya fi shirun muni, don ka nuna a fili tambayar ba ta kai zuci ba. In yau ka yi faran-faran gobe ka wuce kamar ba ka san mutum ba, za a fara lissafin me aka yi maka, gara kaɗan kullum a kan mai yawa jefi-jefi. In kuma kana sakin fuska ga oga kana ɗaure ta ga na ƙasa, to wannan kam ba a yi maka ƙazafi ba in an ce girman kai ne. Yadda za ka gane tana aiki mai sauƙi ne, mutane za su fara riga ka gaisuwar, kuma za su daina tambayarka ko lafiya.

Sai dai ba ko'ina ta isa ba, kar ka ce na ba ka lasisi. Ta isa ga abokan aiki na nesa, maƙwabcin da kuke haɗuwa a hanya, mutanen da kuke ganin juna kullum ba tare da wata hulɗa mai zurfi ba. Ba ta isa ga wanda aka yi wa rasuwa ko yake jinya ba, ba ta isa ga sabon da ya zo bai san kowa ba, kuma ba ta isa ga iyalinka ba. Sannan akwai gaskiyar da ba za ka so ji ba, Nicholas Epley da Juliana Schroeder sun sa fasinjojin jirgin ƙasa a Chicago su yi magana da baƙon da ke kusa da su, kafin a fara mutane sun yi hasashen zaman shiru zai fi musu daɗi, amma waɗanda suka yi hirar su ne suka fi jin daɗin tafiyar. Ma'ana hasashenmu kan hira yakan fi hirar kanta muni. Amininka na awa uku ɗin nan ma ai da ya gajiya ya aiki kuka fara wata rana. Don haka ranar da kake da ƙarfi ka ɗan tsaya mana.

Abu ɗaya nake so ka duba a kanka tsakaninka da Allah, gajiya ce ko tsoro? Suna kama da juna daga waje amma maganinsu daban. Mai gajiya in an gama hirar ya samu rabin awa shi kaɗai ya dawo daidai, ya manta ma an yi. Mai tsoro tun kafin a haɗu gabansa ke faɗuwa, a cikin hirar hankalinsa yana kan kansa, ya muryata take, ina zan sa hannuna, sun ga ina gumi kuwa, bayan an rabu kuma ya kwana yana maimaita abin da ya faɗa yana jin kunya. Kaɗan daga wannan kowa yana da shi, binciken Erica Boothby da abokanta na 2018 ya nuna cewa bayan hira da baƙo yawancin mutane suna raina yadda suka burge ɗayan. Amma in abin ya kai wata shida ko fiye, yana hana ka zuwa wuraren da kake son zuwa, ko ya sa ka ƙi damar aiki don kar ka yi magana da mutane, to wannan ka ga likitan halayya, irin wannan tsoron yana jin magani sosai, kuma gujewa ƙara masa ƙarfi take yi, gajeriyar gaisuwar ma za ta iya zama wata maɓoyar. Daga yadda ka rubuta ban ga alamar wannan ba, amma kai ka fi ni sanin abin da ke faruwa bayan ka kwanta.

In kuma da can kana jin daɗin hira yanzu ne ta fara yi maka nauyi, har da ta aminin naka, ka duba barcinka da yanayin ranka a 'yan makonnin nan. Haka in ka lura gajiyar ta fi tsanani a wuri mai hayaniya, kana yawan cewa na'am ko me ka ce, kana kallon leɓen mutum kafin ka gane maganarsa, je a auna maka ji. Na taɓa ganin wanda ya shekara yana zargin halinsa, ashe kunne ɗaya ne ya yi rauni, ƙwaƙwalwarsa tana ta cike giɓin kalmomin da ba ta ji ba har ta gaji.